Yadda ake ciro suna, ranar haihuwa da lamba daga hoton katin ɗan ƙasa ba tare da tona asirin mai katin ba

A ce ƙungiyar manoman albasa ce a jihar Tahoua mai mambobi ɗari uku, an ɗora wa magatakarda nauyin haɗa rajista: sunan kowa, ranar haihuwarsa da lambar katinsa. Abin da aka saba gani shi ne a ce kowa ya turo hoton katinsa ta WhatsApp, hotunan su taru a salular mutum ɗaya, shi kuma ya yi ta kwafewa da dare. Rajistar tana buƙatar abu uku, amma hoton ya kwaso fuska, sa hannu, sunan uwa da uba, unguwa da sana'a. Wanda ya samu wannan hoto ya samu abin da zai gwada yin rajistar layin waya da shi, ko ya kira dangin mutum ya yi musu sojan gona. Saboda haka tsarin da ke ƙasa a kan ƙa'ida ɗaya aka gina shi: abu ukun nan kaɗai za su shiga hoto, hoton kuma ba zai kwana ba.

Kayan aiki

Salula mai kyamara, wadda ya fi kyau a ware ta don wannan aiki, ba a haɗa ta da asusun Google ba. Kwamfuta mai Linux, irin Ubuntu, da wayar USB ta haɗa su. Kwalin sabulu ko na taliya wanda babu komai a ciki, farar takarda mai kauri, reza, ma'auni da salatif. Sai littafin da mambobi za su sa hannu ko su dangwala yatsa.

Manhajoji biyu ne ke yin aikin, duka kyauta ne kuma ba sa buƙatar intanet bayan an girka su: ImageMagick mai yanka hoto da gyara shi, da Tesseract mai karanta rubutun da ke cikin hoto. Tun da katunan Nijar da Faransanci ake rubuta su, sai an haɗa da kundin Faransanci:

```
sudo apt install tesseract-ocr tesseract-ocr-fra imagemagick
```

Idan kwamfutar ta ce ba ta san `magick` ba, tsohon zubi ne aka girka, sai a riƙa rubuta `convert` a madadinsa. Sauran umarnin ba ya canzawa.

Kada a yi amfani da shafukan intanet masu karanta hoto kyauta, ko manhajojin salula da ba a san inda suke kai hoton ba. Da zarar an loda katin mutum can, ya fita daga hannunka, ba ka da hanyar sanin ko an goge shi, kuma alkawarin da ka yi wa mai katin ya tashi.

1. A fara tambayar ko hoton ma ya zama dole

In mutanen ba su wuce ashirin ko talatin ba, kuma suna gabanka da katinsu, karanta da ido ka rubuta, ka mayar wa kowa abinsa. Ya fi sauri, kuma babu hoton da za a yi ta fargabar inda ya shiga. Haka nan idan yawancin katunan da hannu aka cika su, domin Tesseract ba ya iya karanta rubutun hannu yadda za a dogara da shi. Na'ura tana da amfani ne idan katunan suna da yawa, rubutunsu bugagge ne, mutane kuma ba za su iya tsayawa dogon layi suna jira a kwafe ɗaya bayan ɗaya ba.

2. Neman yardar mai kati

A Nijar akwai doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022 kan kare bayanan mutane, wadda ta maye gurbin ta shekarar 2017, kuma hukumar HAPDP da ke Yamai ce ke sa ido a kanta. Ruhin dokar bai da wuyar ganewa: a faɗa wa mutum dalilin karɓar bayanansa, kada a karɓi fiye da abin da dalilin ke buƙata, kada a ajiye fiye da lokacin da ya kamata, a tsare su, shi kuma yana da haƙƙin ya ga abin da aka rubuta a kansa ya sa a gyara. Ƙungiyar da za ta buɗe rajista mai ɗorewa ta tuntuɓi hukumar tun kafin ta fara, ta ji irin sanarwar da ake buƙata daga gare ta.

A wurin aiki kuwa, bayani da baki ya fi takardar Faransanci da mutum bai iya karantawa ba. Ana iya cewa: "Baba, sunanku da ranar haihuwa da lambar kati kaɗai za mu ɗauka don rajistar ƙungiya. Ga shi kun gani, mun rufe hotonku da sauran rubutun. Yau ɗin nan za a goge hoton, kuma duk ranar da kuke so ku ga abin da muka rubuta, ku zo." Sannan ya sa hannu a littafi, a ba shi lambar layi, misali 017. Wannan lamba ce za ta zama sunan hotonsa, ba sunansa na gaskiya ba. Wanda ya ce bai yarda a ɗauki hoto ba, a karanta nasa da ido, kada a matsa masa. Miji ya kawo katin matarsa, ko ɗa ya kawo na mahaifiyarsa, wannan ba yardar mai kati ba ce. A kira ta a waya ta ji bayanin da kunnenta.

3. Yin marufi da akwatin ɗauka

Wannan mataki ne ya fi kowane sauƙi, kuma shi ya fi kowane kare mutane. Yanki farar takarda mai kauri wadda ta ɗan fi katin girma, ka huda mata tagogi uku da reza daidai inda suna, ranar haihuwa da lamba suke. Idan aka ɗora ta a kan kati, fuska da sa hannu da sunan iyaye duk sun ɓoye tun kafin kyamara ta gan su. Abin da bai shiga hoto ba, babu ɓarawon da zai sace shi.

Ka bar sarari kamar milimita 2 tsakanin rubutu da bakin taga. In tagar ta matse, na'ura takan karanta gefen takardar a matsayin `l` ko `|` ta liƙa wa sunan. Takardar ta zama fara, domin baƙa tana sa kyamara ta ƙara haske har rubutun da ke cikin taga ya wanke. Kowane irin kati da nasa marufi: tsohon katin takarda daban, katin roba daban, fasfo daban. Tsofaffin katunan da aka buga da tafireta rubutunsu yakan hau ko ya sauka daga layi, don haka tagoginsu su ɗan fi faɗi.

Sai akwatin. Kifa kwalin, ka yanke gefe ɗaya gaba ɗaya don haske ya shiga kuma hannu ya samu hanya, ka huda rami a sama daidai idon kyamara. Tsayin santimita 20 zuwa 25 yana yi wa yawancin saluloli. A ƙasa ka manna salatif a kusurwa, inda kowane kati zai riƙa tokarewa. Amfanin wannan shi ne kowane hoto zai fito da tagogin a wuri ɗaya, sai ka auna wurin sau ɗaya ka yi ta amfani da shi.

4. Shirya salula da ɗaukar hoto

Kafin hoton farko, kashe ajiyar hotuna ta kai tsaye a Google Photos ko makamancinsa, kashe saka wuri a saitin kyamara, sannan ka sa salular a yanayin jirgin sama. A lura, yanayin jirgin sama shi kaɗai bai isa ba. In ajiyar kai tsaye tana kunne, hotunan jira kawai suke yi, da rezo ya dawo za su haye.

Hasken inuwa ake so, kamar na rumfa ko bakin taga. Ranar Tahoua ta tsaka tana ƙona farin kati a hoto, filas kuma yana barin farin tabo a kan roba ko ledar da aka lulluɓe kati da ita, sau da yawa a kan lambar da ake nema. In kati yana cikin jakar leda mai cirewa, roƙi mai shi ya cire da kansa. In ya lanƙwashe saboda zaman aljihu, danne gefunan marufin da tsabar kuɗi. Goge idon kyamara lokaci lokaci, musamman da hunturu, domin ƙura tana sa haruffa su yi hazo ba tare da ka lura a ƙaramin allo ba.

Game da girma: katin roba yana da faɗin milimita 85.6 da tsayin kusan 54. Tesseract yana son hoto mai aƙalla ɗigo 300 a kowane inci, wato katin ya kai faɗin fiksel dubu da ɗoriya. Kyamarar da ke ba da hoto mai faɗin fiksel 4000, in katin ya cika rabin allo, ka samu ninki biyu na abin da ake buƙata. Kada ka zuƙo da yatsa, sauko da salular ko ka rage tsayin kwalin. Bayan kowane ɗauka buɗe hoton ka faɗaɗa lambar. Abin da idonka ya yi shakka a kai, na'ura ma ba za ta karanta daidai ba, kuma sake ɗauka yanzu ya fi neman mutum a ƙauyensu gobe.

5. Kwashe hotuna zuwa wurin da ba ya riƙe su

Da wayar USB za a kwashe, ba ta WhatsApp ko imel ba. Ban da barin kwafi a wurare da yawa, WhatsApp yana matse hoto har ƙananan haruffa su lalace.

A Linux akwai dosiye mai suna `/dev/shm` wanda ke zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ba a faifan ajiya ba. Duk abin da ke cikinsa yana ɓacewa idan aka kashe kwamfutar. Nan ne wurin aikin, a kwafo hotunan cikin dosiyen `aiki` kafin umarni na uku:

```
mkdir /dev/shm/aiki
cd /dev/shm/aiki
magick 017.jpg -auto-orient -strip -colorspace Gray 017.png
```

Jerin kalmomin yana da muhimmanci. `-auto-orient` yana miƙar da hoton bisa bayanin da salula ta ɓoye a cikinsa, `-strip` kuma yana share wannan ɓoyayyen bayani gaba ɗaya, har da lokaci, samfurin salula da wurin da aka ɗauka. In aka fara sharewa, hoton yakan fito a kwance, na'ura ta kasa karanta komai. Kwafa hotuna hamsin hamsin, kada ka cika ƙwaƙwalwar. Jadawalin da kake cikawa kuwa kada ka ajiye shi a wannan dosiye, domin in batir ya mutu ya tafi tare da hotunan.

Mai Windows ma yana iya girka manhajojin biyu, sai dai ba shi da wannan dosiye. Ya buɗe rufaffen ma'aji da VeraCrypt, ya yi aikin a ciki, in ya gama ya goge ma'ajin ɗungurungum.

6. Yanka kowace taga daban, a karanta ta daban

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne miƙa wa Tesseract hoton gaba ɗaya. Sai ya haɗa layuka, ya cakuɗa taken gurbi da abin da aka cika. Yanka layi ɗaya ka ba shi:

```
magick 017.png -crop 1300x110+900+620 +repage -bordercolor white -border 10 suna.png
tesseract suna.png stdout -l fra --psm 7
```

Lambobin farko faɗi da tsayin yankin ne, na biyun kuma nisansa daga hagu da daga sama. Na misali ne, naka za ka auna daga hoton farko a kowace manhajar duba hoto. Farin gefe na fiksel 10 yana taimaka wa na'ura ta gane inda rubutu ya fara. `--psm 7` yana gaya mata layi ɗaya ne tak, `stdout` kuma yana sa amsar ta fito a allo ba tare da an bar wani fayil a baya ba.

Ga lamba, ana iya taƙaita haruffan da aka yarda ta gani, don kada ta mayar da 0 ya zama O ko 5 ya zama S:

```
tesseract lamba.png stdout --psm 7 -c tessedit_char_whitelist=0123456789/
```

Wannan taƙaitawa tana aiki daga zubi na 4.1 zuwa sama, amma tana da haɗari. In lambar katin tana ɗauke da haruffa, na'ura za ta yar da su ko ta tilasta musu zama alƙaluma, ba kuma za ta gaya maka ba. Duba katuna goma da ido ka san siffar lambar tukuna, sannan ka ƙara haruffan da ke fitowa cikin jerin.

Idan hatimi mai shuɗin tawada ya hau kan rubutu, gwada ɗaukar sashen shuɗi na hoton asali kaɗai, wato a sa `-channel B -separate` a madadin `-colorspace Gray`. Hatimin zai dushe, baƙin rubutu ya tsaya. In rubutun ma da shuɗin biro aka yi shi, tare za su dushe, sai a koma ga ido.

7. Tarkunan suna da ranar haihuwa

Suna ana kwafe shi ne yadda yake a kati, harafi da harafi. In an rubuta Ousmane, kada a gyara shi ya koma Usman. In Mahamadou ne, ba Mohamed ba ne, ko da kowa a gari Mamman yake kiransa. Ranar da za a gwada rajistar da takardun banki ko na wata hukuma, harafi ɗaya yana iya hana mutum haƙƙinsa. Sunaye masu ɗigo biyu a kan harafi, irin Aïchatou da Ismaël, nan ne na'ura ta fi tuntuɓe, musamman in an manta `-l fra`. Tana kuma haɗa `r` da `n` su zama `m`. Sannan a ware gurbi biyu a jadawali, ɗaya na `Nom` ɗaya na `Prénom`, a cika kowanne da abin da katin ya sa. A ƙasarmu sunan mutum da na mahaifinsa sukan yi musayar wuri daga takarda zuwa takarda, kuma ba aikin magatakarda ba ne ya yanke hukuncin wanne ne daidai.

Ranar haihuwa ta fi suna wahala. Dattawa da yawa, musamman na karkara, katinsu cewa yake `vers 1968`, wato wajajen shekarar, babu rana babu wata. In aka taƙaita haruffa zuwa alƙaluma, kalmar `vers` za ta ɓace ko ta rikiɗe ta zama lambobin banza. Don haka kada a taƙaita a wannan taga. A jadawali a yi gurbi uku, rana, wata, shekara, da na huɗu mai nuna ko kintace ne. Kada a ƙirƙira 1 ga Janairu don cika gurbi. In katin da kansa ya rubuta 01/01, a kwafe haka, amma kada a yi mamaki in mutum goma sun fito da rana ɗaya, kuma kada a ɗauka mutum ɗaya ne aka maimaita. Tsofaffin tafireta kuma wasu ba su da alƙalamin 1, da ƙaramin `l` ake buga shi, shi ya sa `l968` take fitowa.

8. Tantancewa, da lissafin da ke kama kuskure

Duk abin da na'ura ta karanta, mutum ya gwada shi da yankakken hoton kafin ya shiga jadawali. Ba a tsallake wannan. In akwai mutum biyu, ɗaya ya karanta abin da ke jadawali a hankali, ɗayan yana kallon hoton, a ɗakin da ba kowa ke ji ba.

Fasfo da katunan zamani masu bin ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya suna da wani taimako: layukan ƙasa masu cike da alamar `<`, waɗanda ake kira MRZ. A fasfo layi biyu ne masu gurbi 44 kowanne, a katin roba layi uku masu gurbi 30. A katin roba lambar takarda tana layin farko daga gurbi na 6 zuwa na 14, ranar haihuwa tana farkon layi na biyu a gurbi shida, shekara, wata, rana, suna kuma yana layi na uku. Bayan lamba da bayan ranar haihuwa akwai alƙalami ɗaya na tantancewa. Yadda ake samunsa: a ninka alƙaluman bi da bi da 7, 3, 1, 7, 3, 1, a tara, a ɗauki alƙalamin ƙarshe na jimlar.

Ga mamba mai lamba 017. A tagar gaban kati na'ura ta karanta 14/03/1937, mutumin da ya sa hannu kuwa magidanci ne da bai yi furfura ba. A layin ƙasa ta karanta `370314` sai `5`. Mu gwada:

```
3x7 + 7x3 + 0x1 + 3x7 + 1x3 + 4x1 = 70
8x7 + 7x3 + 0x1 + 3x7 + 1x3 + 4x1 = 105
```

Na farko ya ƙare da 0, bai dace da 5 ba. Na biyu, inda aka sa 8 a madadin 3, ya ƙare da 5. Ke nan 1987 ce, gogewa ce ta cinye gefen hagu na 8 har ya yi kama da 3. Sai a koma ga hoton a tabbatar da ido, a gyara.

Lissafin yana kama duk kuskuren alƙalami guda, amma yana da iyaka. Haruffa suna da daraja daga A mai 10 har Z mai 35, `<` kuma sifiri ne. G darajarsa 16, saboda haka in na'ura ta karanta 6 a wurin G, alƙalamin ƙarshe na jimlar ba zai canza ba, kuskuren ya wuce ba a gani ba, ga shi kuwa su biyun suna kama. Suna ba shi da alƙalamin tantancewa ko kaɗan, kuma a layin ƙasa ana cire masa ɗigogi, dogon suna ma a datse shi, don haka daga gaban kati ake ɗaukar suna. Shekara kuma alƙalami biyu ce kawai, `25` tana iya zama 1925 ko 2025. A tuna kuma layukan nan suna ɗauke da jinsi, ƙasa da ranar ƙarewar takarda. In rajistar ba ta buƙatar su, a huda tagar marufi iya gurbin da ake so.

Tsohon katin takarda ba shi da wannan lissafi. Abin da ya rage shi ne ido biyu da hankali: wata ba ya wuce 12, Fabrairu ba ta da 30, shekarun da suka fito su yi daidai da mutumin da aka gani, lamba ɗaya kuma kada ta fito wa mutum biyu.

9. Jadawali da kulle shi

Kafin a rubuta komai, a mayar da gurbin lamba zuwa nau'in `Texte`. In ba haka ba, Excel da LibreOffice suna yar da sifirin farko, 00412 ta koma 412, lamba mai karan tsaye irin 12/05 kuma ta rikiɗe ta zama kwanan wata. Excel ma ba ya riƙe fiye da alƙalami 15, abin da ya wuce sai ya mayar da shi sifiri. Ɓarnar ba ta gyaruwa daga baya, tun da hotunan sun riga sun tafi.

A ajiye fayil ɗin da kalmar sirri, a LibreOffice akwai `Enregistrer avec mot de passe` a tagar ajiyewa. Kalmar ta zama doguwa, mutum biyu kaɗai su san ta, kuma kada a tura ta ta hanyar da aka tura fayil ɗin. Jerin da za a manna a bangon ofis ko a karanta a taro, suna da alƙaluma huɗu na ƙarshen lamba sun isa mutum ya gane kansa. Ranar haihuwa ba ta da abin yi a bango.

10. Gogewa

A ranar da aka tantance, a ranar ake gogewa. A kwamfuta:

```
rm -r /dev/shm/aiki
```

Sannan a rufe tagar umarni, domin sunayen da aka karanta suna nan a sama in aka ja, a kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba a rufe murfinta kawai ba. A salula a goge hotunan, a shiga kwandon shara na manhajar hotuna a sake goge su, don yawancin saluloli suna riƙe abin da aka goge har kwana talatin ko fiye. Sai bayan haka a cire yanayin jirgin sama. In hotunan sun taɓa sauka a kile ta USB ko katin ƙwaƙwalwa, gogewa ta yau da kullum ba ta tabbatar da sun tafi, manhajar dawo da fayil tana iya tono su. Wannan ne dalilin da ya sa tun farko aka kauce musu. A littafi a rubuta ranar gogewa da lambobin layin da ta shafa, wanda ya goge ya sa hannu.

In an riga an turo hoton cikakke

Dole za a samu mamban da ke ci-rani a Legas ko Agadas, wanda ba shi da hanya sai ya turo. Tun farko a gaya masa ya rufe fuska da sauran layukan da guntun takarda kafin ya ɗauka. In ya riga ya turo katin a buɗe, a kwashe shi zuwa dosiyen aiki, a yanke tagogi ukun, a karanta, a goge hoton daga hirar da kuma ma'ajin hotunan salular, a roƙe shi ya goge nasa ɓangaren. Kada a taɓa yarda a turo kati cikin zauren ƙungiya na WhatsApp, inda zai sauka a salular kowane mamba.

In akwai dalilin da ya tilasta a ajiye kwafi, misali wata hukuma ta nemi shaida, kada a dogara da dusashe fuska ko shafa alƙalamin launi na salula. Alƙalamin yakan bar rubutu yana leƙowa in an ƙara haske, lambar da aka dusashe kuma ana iya gano ta. Yankan da ake yi a manhajar hotuna ta salula ma sau da yawa yana ajiye asalin a ɓoye, ana iya dawo da shi da taɓawa ɗaya. A rufe da baƙin tubali mai kauri a sabon fayil:

```
magick 017.png -fill black -draw "rectangle 80,300 760,1150" rufe.png
```

Buɗe `rufe.png` ka ƙara masa haske har ƙarshe ka tabbatar babu abin da ke fitowa daga ƙarƙashin baƙin. Sannan ka goge asalin, ka sa kwafin cikin ma'aji mai kalmar sirri, ka rubuta a littafi ranar da za a goge shi da sunan wanda aka ɗora wa yin hakan.